Kwantai da Ajiya

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta yi shekaru tana sayar da fura a bakin tashar Gagarawa, har zuwa lokacin da ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida. Abin da ta fi tsana a sana'ar shi ne kwantai, wato furar da rana ta faɗi ba a saye ta ba. Da la'asar ta yi sanyi sai ta fara karya kuɗi, ta ba da uku a kuɗin biyu, wani lokaci ma ta tura wa makarantar allo ragowar sadaka. Mu muna ganin asara take yi. Ita kuwa cewa take gara ta koma gida da ƙwarya wayam, domin furar da ta kwana ba ta ƙara daraja, tsami kawai take ƙarawa.

Na girma da wannan a kunnena, na yi karatu, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Sule Tankarkar, amma sai da na haura shekara arba'in sannan na gane abin da tsohuwar take nufi. Kuma ban gane shi a arha ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Malam. Gonarmu ta gado tana bayan gari, rabi gero rabi riɗi. Geron shi ne abincin gidan, ita da ƙanwata wadda mijinta ya rasu da 'ya'yanta huɗu. Riɗin kuwa shi ke ɗaukar nauyin gonar: a sayar da shi a kasuwar Maigatari bayan kaka, a ajiye kuɗin, da bazara a sayi taki kafin ruwan shuka. Ƙasar tamu jigawa ce da ta gaji, in ba a ba ta ba ba ta bayarwa. A wannan shekarar kuɗin riɗin ya isa buhu takwas na taki. Inna ta ƙulle shi a leda ta miƙo mini, ta ce in sa mata a banki, tunda ni ne mai asusu. Ban taɓa cin mata ko sisi ba, kuma kowa a gidan ya san haka.

A lokacin na yi wata huɗu ina cinikin hannun jari ta waya. Wani abokin aikina, malamin kimiyya, shi ya nuna mini yadda ake buɗe asusu wurin dillali ta manhaja, a sa kuɗi, a sayi hannun jarin kamfani, in ya tashi a sayar. Ya nuna mini hanya ɗaya, ni kuwa na kama wata. Shi yakan sayi abu ya riƙe kwana biyar, ko mako uku, wani lokaci har wata guda. Ni na ga wannan jira ya yi mini yawa. Na ji ana cewa akwai masu saye da safe su sayar kafin a tashi daga kasuwa, ba sa kwana da komai a hannu, na ce to ai nawa ke nan. Lissafi nake koyarwa, kuma a raina ina ganin duk wanda ya iya warware wa ɗalibai aljabara ba zai kasa gane lambobin da ke hawa da sauka ba.

Ban yi la'akari da cewa kasuwar tana ci ne daidai lokacin da nake aji ba. Litinin zuwa Juma'a, da rana tsaka. Mai cinikin yini ɗaya kuwa ba ya ɗauke ido, don abin da yake nema ɗan motsi ne ƙanƙani, in ya yi minti ashirin bai duba ba ya wuce shi. Sai na koma ina rubuta wa yara aiki a allo, in ce su yi shiru su warware, ni kuma in zame zuwa gindin wata darbejiya kusa da tankin ruwa, inda nan ne kaɗai sabis yake kamawa da kyau. Har ɗalibai suka fara kiran wurin ofishin Malam. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Ribar fa? Akwai ranakun da na samu, kuma su nake ba da labari. Amma dillali yana cire la'ada in ka saya, ya sake cirewa in ka sayar, ga wasu 'yan kuɗaɗen hukuma a kai. Kafin a ce ka ci riba sai farashi ya tashi ya wuce duk wannan, a cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya saya sau ɗaya a shekara sau ɗaya ya biya, ni kuwa kusan kullum biya nake. Da na zauna wata rana na haɗa komai da gaskiya, sai na tarar wata huɗu na yi wa dillali aiki kyauta, sai ɗan abin da bai kai kuɗin man babur ba. Mai hankali da ya ga haka sai ya tsaya. Ni abin da na gano shi ne wai jarina ne ya yi kaɗan.

Malamin kimiyya ya sha yi mini dariya. Shi ba ya taɓa waya a lokacin aji. Bayan sallar magariba yake ba abin rabin sa'a, ranar Asabar kuma ya zauna ya duba yadda farashi ya yi tafiya a makonnin baya, da kamfanonin da suke dab da fitar da sakamakon cinikinsu. Yana da wata 'yar takarda da yake naɗewa a bayan murfin wayarsa. Kafin ya sayi komai sai ya rubuta lamba uku: inda zai shiga, inda zai fita in an yi sa'a, da inda zai fita in ba a yi ba. Ta ukun nan ita ce nake masa tsiya a kai.

"Kai tun ba ka shiga ba kana shirin faɗuwa," in ji ni.

"Ai ina faɗuwa ɗin," in ji shi. "Ni da nake kwana da kaya, sai in kwanta lafiya, labari ya fito da dare, da safe kasuwa ta buɗe a ƙasa da inda na bar ta. Ya sha faruwa da ni. Abin da nake so shi ne in san iyakar ramin tun ina da hankalina. In na faɗa ciki ba ni da shi."

Wata ranar Talata, wata biyu bayan Inna ta ba ni ajiyarta, aka cika wani zaurenmu na wasaf da maganar wani ƙaramin kamfani. A kasuwar akwai ƙa'ida, farashi ba ya wuce kashi goma cikin ɗari a yini, sama ko ƙasa. Wannan kamfani kwana huɗu a jere yana buga iyakar sama. Kowa na turo hoton ribarsa. Na lissafa kashi goma na jarina, na ga kuɗin cefane ne. Na lissafa kashi goma na kuɗin taki, na ga kusan buhu guda ne. Na ce wa kaina aro ne na sa'a uku, kafin a tashi kasuwa ya koma inda yake, Inna ta samu buhu tara maimakon takwas. Har na hango fuskarta. Da safiyar Laraba na tura kuɗin duka na saya.

Ya ɗan ƙara sama, na ji daɗi, na shiga aji. Da na fito ya dawo ƙasa da inda na saya. Ba sosai ba. A lokacin akwai masu saye, da na danna da na fita da asarar da ba ta kai rabin buhu ba, abin da albashina zai cike a ƙarshen wata. Na tsaya a gindin darbejiyar nan ina kallon wayar har aka tashi kasuwa. Abin da ya riƙe mini hannu ba wani dogon tunani ba ne. Kawai ban iya jure in ga na ɗauki kuɗin Inna na mayar da shi a rage ba. Na ce gobe zai dawo. Wannan ce rana ta farko da na kwana da kaya.

Washegari kasuwa ta buɗe da masu sayarwa jere a layi, gefen masu saye kuwa babu kowa. Waɗanda suka shiga da wuri sun kwashe ribarsu sun tafi. Sai a ranar na san cewa farashin da ke rubuce a waya ba kuɗi ba ne, sai an samu wanda zai biya. Duk wanda ya matsu sai ya sauko har iyakar kashi goman, washegari a sake saukowa daga nan. Malamin kimiyya ya ce in sa nawa a layi, ko nawa aka samu in fita. Na sa, kwana biyu ba a zo kaina ba, a na uku da 'yan masu saye suka leƙo sai na janye. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi, kuma zuciyata ta ƙi.

A nan ne na yi wa kaina dabara. Na ce wa malamin kimiyya ai ni yanzu na sauya tsari, na zama mai zuba jari na dogon lokaci. Na ce manyan masu kuɗi ba sa firgita don farashi ya sauka, ajiya suke yi. Kalmar ta yi mini daɗi a baki. Ajiya. Tana da mutunci, kamar ka ce rumbu. Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa," ya ci gaba da makin takardun jarrabawa.

Don in samu mai mara mini baya sai na je wurin tsohon hedimastanmu na firamare, a gidansa da ke bayan kasuwar Gumel. Na san yana da hannun jari tun zamanin da ake ba da takardar shaida mai hatimi. Na tarar da shi a zaure yana gyaran rediyo. Bayan gaisuwa na kawo maganar a lulluɓe, na ce ina so in bi sahunsa.

Ya yi murna. Ya ce shi tsarinsa na malalata ne. Yana da hannu a kamfanoni kamar shida, masu yin siminti da sukari da fulawa da makamantansu, abubuwan da yake gani da idonsa ana sauke su a kasuwa. Sau ɗaya a shekara yake zama da tabarau ya karanta rahoton kowanne, ya ga ko ciniki ya ƙaru, ko bashi ya yi musu yawa. In sun raba riba sai ya ji ƙarar saƙo a waya. Farashi kuwa yakan yi wata uku bai tambaya ba.

"Ranka ya daɗe, ke nan naku babu haɗari."

"Wa ya gaya maka?" Ya ajiye sukundireba. "Akwai shekarar da kasuwa ta rushe, abin da na tara ya koma ƙasa da rabi. Wasu sai da suka yi shekaru kafin su farfaɗo. Ɗaya har yau bai farfaɗo ba, kamfanin ma ya mutu, takardar tana cikin akwati in kana so ka gani. Ga tsadar rayuwa, sai ka ga lamba ta ƙaru amma abin da za ta saya ya ragu. Abin da ya cece ni biyu ne: ban zuba a wuri ɗaya ba, kuma kuɗin da na sa ba na bukatarsa a lokacin. To kai naka kamfanin me yake sayarwa?"

Wallahi ban sani ba. Na san gajeren sunansa a manhaja, na san farashinsa na kowace rana har kwabo, amma ban san ko takalmi yake yi ko inshora ba.

"Ya taɓa raba riba?"

"Zan duba, ranka ya daɗe."

"Kuɗin kuma yaushe kake bukatarsa?"

Na ce ba da gaggawa ba. Ƙarya ce, kuma ina jin ya gane, don bai ƙara tambaya ba. Ya dai ce mini abin da ake saye don a riƙe shekaru tun kafin a biya ake zaɓarsa, ba bayan ya faɗi ba. Na yi godiya na tashi. A hanya na duba, na ga kamfanin ya yi shekaru bai raba ko kwabo ba, rahotonsa ma a makare yake fitowa. Duk da haka na ci gaba da riƙewa har wata biyu da rabi. Na daina zuwa gindin darbejiya, ɗalibai suka samu malaminsu, amma ba natsuwa ce ta hana ni dubawa ba, tsoro ne. Kowace Asabar in na je gida gaishe da Inna sai in yi ta addu'ar kada ta tambayi kuɗin.

Da zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas, Inna ta ce in zo da kuɗin ranar Laraba, a je Maigatari washegari a sayo taki kafin ya ƙara tsada. Na je ranar Larabar hannu wayam. Na same ta a tsakar gida kan tabarma tana tsince irin gero, ƙanwata tana daka a gefe. Na zauna na fara bayani. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo kamfani, na kawo kasuwa, na ce kuɗin yana nan bai ɓata ba, na mayar da shi ajiya ne, sai dai yanzu lokacin fitarwa bai yi ba.

Ta saurara har na gama, hannunta bai bar faifan ba.

"Malam, da ka saya, da niyyar yaushe za ka sayar?"

"A ranar, Inna."

"Aka yi tayi?"

"An yi. Bai kai ba."

"Ka ƙi sallamawa."

"Na ƙi."

"To ai wannan ba ajiya ba ce," in ji ta. "Kwantai ka yi. Gero ake ajiyewa, shi ma sai an duba shi an ga ya bushe. Kai fura ka dama, rana ta faɗi ba ka sayar ba, ka rufe ƙwarya ka ce rumbu ce."

Ƙanwata ta tsayar da taɓarya. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, ba don an kama ni ba, sai don wata uku ina neman sunan abin da na yi, ina ba shi suna mai kyau, ga shi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta faɗe shi da kalma ɗaya. Ba ta zage ni ba. Ta ce in je in karya, ko nawa ne, ruwa ba zai jira ni ba.

Karyawar ma ba ta zo da sauƙi ba. Kwana huɗu ina sayarwa kaɗan-kaɗan, don masu sayen ba su da yawa. Bayan an sayar sai da na jira wasu kwanakin aiki kafin kuɗin ya iso asusun banki. Kafin nan an yi ruwan shuka, taki ya tashi. Abin da ya dawo, da abin da na iya ƙarawa daga albashi, buhu uku ya saya.

Na ba da shawarar a barbaɗa shi ko'ina kaɗan-kaɗan. Inna ta ce a'a, in an yi haka duk gonar ce za ta ji yunwa. Ta sa aka zuba shi a gefen gabas na geron, aka bar sauran. Da damina ta yi tsakiya na ɗauke ta a babur muka je. Tun daga nesa ake ganin layin, kamar an ja shi da igiya: nan kore shar ya kai kafaɗa, nan kuma rawaya-rawaya iya gwiwa. Duk mai wucewa ta hanyar zai gani, ya tambaya. Ta tsaya a kan layin da sandarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu tafi, rana ta yi. A shekarar geron gidan bai kai bazara ba. Na riƙa auno musu daga kasuwar Gumel duk ƙarshen wata, ƙanwata tana karɓa tana godiya, godiyar tana sukana.

Na sha tunanin abin daga baya, don ban bar kasuwar gaba ɗaya ba. Malamin kimiyya yana nan da 'yar takardarsa, wata shekarar ya samu, wata ya tashi a tutar babu, kuma bai taɓa cewa abin sauƙi ne ba. Cinikin yini ɗaya na bar shi har abada. Yana son mutum ya ba shi yininsa duka, da zuciyar da za ta sallama a kan asara kafin a tashi kasuwa, ni kuwa yinina na ɗalibai ne, zuciyar kuma an gwada an ga ba ni da ita. Yanzu ɗan abin da ya ragu daga albashi nake sakawa a kamfanoni uku da na san abin da suke sayarwa, kuɗin da na tabbata ba zan neme shi ba shekara biyar. Shi ma yana sauka, wani lokaci sosai. In ya sauka nakan tambayi kaina ko da niyyar riƙewa na saye shi tun farko, kuma yanzu ina da amsa.

Amma wannan duk tsakanina da kaina ne. Tsakanina da Inna kuwa, kaka ta zagayo, aka yanke riɗi, aka kai Maigatari. Na raka ƙanwata, ni na yi ciniki, ni na ƙirga kuɗin na kawo gida. Na miƙa wa Inna, na ɗan tsaya, don a nan ne kullum take ƙulle shi a leda ta ce in sa mata a banki. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin filo, ta tambaye ni lafiyar yara.

Da Asabar ta zagayo na tarar da amalanke a ƙofar gida. Ta aiki ƙanwata ta sayo takin tun da rani, buhu bakwai, wata biyar kafin a bukace shi. An share kusurwar ɗakinta, bayan gado, an jera katakai a ƙasa don kada ya ja danshi.

"Malam, zo ka kama musu," in ji ta. "Ka jera shi da kyau, ajiya ce."

Na cire hula na ajiye a kan turmi, na sunkuya na ɗauki buhun farko.